Kafin Gamzaki Ya Fito

Dare ya raba, wutar sansani ta koma garwashi. Sarkin yaƙi ya zo da ƙafa, ba doki ba rakiya, ya tsaya inda dakaru suka zube. Wasu suka yunƙura za su miƙe, ya ɗaga hannu.

"Ku zauna abinku, 'yan'uwa. Ƙafar da ta kwana tara a hanya ba na bin ta bashin tsayuwa.

"Na san kun gaji. Ɗazu na zagaya, na iske wani yaro yana barci a zaune, linzami naɗe a hannu, takalminsa ya tsinke ya ɗaure da tsumma. Ban tashe shi ba. Mu 800 muka fito, yau da yamma na ƙirga 612. Sauran kun san inda muka bar su, da hannunku kuka rufe su.

"Na ji raɗe-raɗin da ake yi, wai sun ninka mu. Ba wai ba ne, sun ninka mu ɗin. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma a fili ake wannan magana. Mashigin kogin nan na shiga shi da kaina bayan faɗuwar rana. Ruwa iya ƙirji, ƙasan duk laka, ba ya ɗaukar doki biyar a jere. Ko su dubu goma ne, huɗu-huɗu za su iso mu, a jiƙe, dawaki na haki. Mu muke gabas. Rana na ɓullowa a bayanmu za ta faɗa musu cikin ido.

"Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku riƙe gaɓar nan har rana ta yi tsawon mashi. Barade na ɓoye bayan tudu, kuma sai na ga tutar abokan gaba ta shiga tsakiyar ruwa zan sake su. Kafin nan za ku ji kamar na manta da ku. Ban manta ba, ina tsakiyarku, hagu da wancan dutse.

"In kuwa muka ja da baya, tsakaninsu da gidajenmu yini ɗaya ne, kuma ba wani kogi a gaba. Kowa ya san wanda ya bari a ƙofa. Ba sai na faɗa ba.

"'Yan baka, ku kwance tsarkiya ku sa cikin riga, raɓa na sanyaya ta. A sassauta wa dawaki majayi. A ƙara itace a wuta, su ɗauka nan za mu wayi gari. Wanda tsoro ya hana barci kada ya ji kunya, ni ma bakina a bushe yake.

"Masu gadi, ku ma ku kwanta. Gadin daren nan nawa ne. Gamzaki na fitowa zan taɓa kafaɗar na kusa da ni, shi kuma ya taɓa na gaba. Ba ganga, ba ƙaho."

Ya karɓi mashi daga hannun mai gadi, ya nufi bakin ruwa.