Tambayar Gwaji a Darasin Lissafin Gudanarwa: Kasafi Mai Sassauci a Masana'antar Bulo

Maki 25. Lokaci: minti 45.

Wata masana'antar buga bulo da ke bakin hanyar Zariya a Kano tana buga bulo iri ɗaya tak, mai inci tara, kuma duk abin da ta buga a wata tana sayar da shi a cikin watan, saboda haka ba ta da ajiyar kaya a farkon wata ko a ƙarshensa. A kasafin watan Maris an tsara za a buga bulo 20,000 a sayar da kowane ɗaya a kan naira 700. An yi lissafin cewa buhun siminti ɗaya, wanda kuɗinsa naira 10,000 ne, zai fitar da bulo 40, yashi zai ci naira 100 a kowane bulo, leburori kuma za a biya su naira 60 a kan kowane bulo da suka buga. Hayar fili da albashin ma'aikatan ofis da na maigadi da raguwar darajar inji, waɗanda ba sa motsi ko an buga da yawa ko kaɗan, an ware musu naira 1,600,000.

Kuɗin dizal da gyaran inji yana da ɓangare tsayayye da ɓangaren da ke bin yawan aiki. Littattafan masana'antar sun nuna cewa a watan da aka buga bulo 16,000 an kashe naira 1,040,000, a watan da aka buga 22,000 kuwa an kashe naira 1,280,000, kuma a kan wannan ma'auni aka tsara kasafin Maris.

Da watan ya ƙare sai aka tarar an buga bulo 24,000 an kuma sayar da su a kan jimillar naira 16,320,000, domin jami'in ciniki ya rage farashi tun farkon wata don ya jawo 'yan kwangilar da ke gaggawar gama gini kafin damina. An yi amfani da siminti buhu 620 a kan naira 10,200 kowane buhu. Yashi ya ci naira 2,280,000, bayan an koma sayensa wurin wani mai tifa da ya fi araha, ko da yake masu aiki sun yi ta kukan cewa yashin nasa yana da ƙasa a ciki, bulo yana yawan farfashewa. Ladan leburori ya kai naira 1,500,000, dizal da gyaran inji naira 1,450,000, tsayayyun kuɗaɗe kuma naira 1,650,000.

Mai masana'antar ya ɗora waɗannan alƙaluma a kan kasafin asali, ya ga cewa kuɗin da aka kashe ya zarce kasafi da naira 2,204,000, ciniki kuma ya zarce da naira 2,320,000. Yana niyyar rubuta wa manajan aiki takardar gargaɗi, ya kuma ba jami'in ciniki tukwici, amma ya nemi ra'ayin akantansa kafin ya zartar.

(a) A raba kuɗin dizal da gyaran inji gida biyu, tsayayye da mai sauyawa, sannan a fitar da ribar kasafin asali. (Maki 4)

(b) A shirya kasafi mai sassauci a kan bulo 24,000, a kwatanta shi da abin da ya auku a zahiri, a nuna bambancin kowane layi tare da bayyana ko na riba ne ko na asara. (Maki 10)

(c) A raba bambancin siminti zuwa na farashi da na yawan buhunan da aka yi amfani da su. (Maki 4)

(d) A matsayin akanta, a rubuta wa mai masana'antar gajeren bayani a kan hukuncin da yake shirin yankewa. (Maki 7)

Amsar da ake sa ran gani

Tsakanin watannin biyu aiki ya ƙaru da bulo 6,000, kuɗi kuma ya ƙaru da naira 240,000, wato naira 40 a kowane bulo. Idan aka cire naira 640,000 daga 1,040,000, ɓangaren tsayayye ya zama naira 400,000. Kasafin asali ke nan yana da ciniki na naira 14,000,000, kashe kuɗi na naira 11,000,000, da ribar naira 3,000,000.

| Layi | Kasafi a kan bulo 24,000 | Zahiri | Bambanci |
|---|---|---|---|
| Ciniki | 16,800,000 | 16,320,000 | 480,000 asara |
| Siminti | 6,000,000 | 6,324,000 | 324,000 asara |
| Yashi | 2,400,000 | 2,280,000 | 120,000 riba |
| Ladan leburori | 1,440,000 | 1,500,000 | 60,000 asara |
| Dizal da gyaran inji | 1,360,000 | 1,450,000 | 90,000 asara |
| Tsayayyun kuɗaɗe | 1,600,000 | 1,650,000 | 50,000 asara |
| Riba | 4,000,000 | 3,116,000 | 884,000 asara |

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne su ƙara kashi ashirin cikin ɗari a kan kowane layi, har da hayar fili da dukan kuɗin dizal, alhali a waɗannan layukan biyu naira 40 ɗin nan kaɗai ke bin yawan bulo. Wanda ya yi haka ya rasa makin layukan biyu da na riba.

Bulo 24,000 ya kamata ya ci buhu 600, amma ya ci 620, don haka buhu 20 na ƙari a kan farashin kasafi sun jawo asarar naira 200,000. Ƙarin naira 200 a kan buhu 620 kuma ya jawo asarar naira 124,000, jimilla 324,000.

A sashe na ƙarshe ne aka fi auna fahimta. Ya kamata akanta ya nuna wa mai masana'antar cewa daga cikin naira 2,204,000 da yake gani, naira 1,800,000 kuɗin buga ƙarin bulo 4,000 ne, a kan naira 450 kowane ɗaya, kuma babu manajan da zai buga su ba tare da siminti da yashi ba. Abin da ya zarce a gaskiya naira 404,000 ne, kuma a cikinsa ma tashin farashin siminti da ƙarin tsayayyun kuɗaɗe ba lallai ne su kasance a hannun manajan aiki ba. Sauƙin naira 120,000 da aka samu a yashi abin tuhuma ne, domin idan rashin kyansa ne ya sa aka sake buga bulon da ya fashe, to shi ya ci ƙarin buhu 20, wataƙila har da wani kaso na ladan leburori da dizal, kuma sai a fara tambayar wanda ya yanke shawarar sauya mai tifa.

Game da tukwicin jami'in ciniki, bulo ya koma naira 680, ragin da ya ci naira 480,000, yayin da ƙarin bulo 4,000 ya kawo ribar naira 1,000,000 a kan ma'aunin kasafi, wato naira 250 a kowane bulo bayan an cire naira 450 daga naira 700. Idan ragin ne ya jawo masu sayen, masana'anta ta samu ƙarin ribar naira 520,000 kuma jami'in ya cancanci yabo. Idan kuwa lokacin rani ne ya kawo su, an bar naira 20 a kan kowane bulo ba gaira ba dalili. Amsa mai cikakken maki za ta ba da shawarar a dakatar da takardar gargaɗin da tukwicin har sai an duba cinikin watan Maris na shekarun baya da adadin bulon da ya fashe kafin sauya yashi da bayansa.