Takardar Duba Darasi Tsakanin Malamai: Lissafi, Aji 4B

Wuri: makarantarmu ta firamare, Azare, Ƙaramar Hukumar Katagum
Rana: Talata, mako na 5 na zango na biyu, darasin da ke kafin tara
Darasi: kwatanta 1/2, 1/3 da 1/4
Tsawon lokaci: minti 35 a jadawali, minti 29 aka samu
Ɗalibai: 68 a rajista, 61 suka zo (maza 34, mata 27)
Mai koyarwa: malamar aji 4B
Mai dubawa: malamin aji 6A

YADDA MUKA TSARA MA'AUNIN

Malama, kafin komai bari in ajiye a rubuce abin da muka tsayar ranar Litinin a ofishin malamai, don kada wani cikinmu ya manta. Ke kika gayyace ni, ba hedimasta ne ya aiko ni ba. Takardar nan taki ce, ba za ta shiga fayil ɗinki ba, ba kuma za ta kai ga masu duba makarantu ba sai in ke kika ga damar nuna musu. Maki babu a ciki.

Abin da kika ce yana damunki shi ne: a cikin aji kowa na amsa "mun gane", amma ranar gwaji sai ki ga rabinsu sun faɗi. A kan wannan muka gina ma'aunin. Tsohuwar takardar da ke aljihun tebur tana da abubuwa sama da 20, mun zubar da mafi yawansu. Mun cire "malami ya iya riƙe aji" da "darasi ya yi armashi", domin mutum biyu za su zauna a aji ɗaya kowa ya fito da nasa hukuncin, ba kuma wanda zai iya nuna hujja. Mun cire maganar sutura da ta "kayan koyarwa na zamani", tunda ajin ko soket babu. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk abin da zai shiga ma'aunin sai ya zama ido na iya ganinsa, ko kunne ya ji, ko a ƙirga shi. Guda 7 suka tsira. Alamomin kuwa uku ne: na gani, na gani kaɗan, ban gani ba. "Ban gani ba" na nufin bai faru a gabana ba cikin mintunan nan, ba yana nufin ba kya yi ba.

MA'AUNI DA ABIN DA NA GANI

1. Yara sun ji abin da za su koya tun farko. Na gani. Kin ce, "Yau za mu gano wanne ya fi girma, ba tare da mun yi canki ba."
2. An haɗa darasin da abin da suka riga suka sani. Na gani: rabin biredi, kwatan awa, rabon gyaɗa tsakanin 'yan'uwa.
3. Yara sun taɓa wani abu da hannunsu. Na gani kaɗan. Yara 4 suka fito suka karya kara, sauran kallo suka yi.
4. Tambayoyi sun zagaya aji. Na gani kaɗan. Cikin tambayoyi 16 da kika yi wa ɗaiɗaikun yara, 11 sun tafi layuka biyu na gaba, 4 tsakiya, 1 baya. Maza 11, mata 5.
5. An jira yaro ya yi tunani kafin a karɓi amsa. Ban gani ba, sai sau biyu.
6. An yi amfani da kuskuren yaro wajen koyarwa. Na gani sarai, bayani na ƙasa.
7. An tabbatar da fahimta ta hanyar da ba amsar taro ba. Ban gani ba. An yi "Kun gane?" sau 7, aji ya amsa "Eh" sau 7.

SHARHI

Zan fara da karan dawar nan, domin na daɗe ban ga dabarar da ta burge ni haka ba. Kin shigo da kara guda huɗu da kika riga kika daidaita tsawonsu a gida. Yaron da kika ce ya raba nasa gida uku ya karya shi yadda ya ga dama: ɗaya dogo, biyu gajeru. Da ni ne, da na karɓe na ce a sake. Ke kuwa sai kika ɗaga ɗan guntun kika ce, "Cikinku wa ya yarda a ba shi wannan a matsayin rabonsa?" Aji ya kaure da "Ba ni ba!" Daga bakinsu maganar ta fito cewa sai kashin ya zo daidai kafin a kira shi ɗaya bisa uku. Yaron bai ji kunya ba, shi da kansa ya nemi wani karan, ya auna da ɗan yatsa kafin ya karya. Zan ari wannan in kai aji 6, don har yanzu akwai masu zana da'ira su tsaga ta karkace su ce sun raba uku.

Haka nan yadda kike faɗin abu da Hausa, ki maimaita da Turancin littafi, ki sa su faɗa, ya taimaka. Ban ga yaron da harshe ya tsare ba.

Yanzu ga abin da kika aike ni in gano. Lokacin da kika ba su aikin allo, na leƙa littattafan yara 12 da ke kusa da ni a baya. Bakwai sun rubuta 1/4 ya fi 1/3 girma. Uku sun yi daidai. Biyu ba su rubuta komai ba, ɗayansu ba shi da fensir. Na tambayi ɗaya daga cikin bakwai ɗin a hankali, ya ce, "Malam, ai huɗu ta fi uku." Ba shirme ya faɗa ba. Shekara uku muna koya masa cewa 4 ta fi 3, yau kuma lambar ƙasa ta juya masa lissafi: duk yadda ta ƙaru, kason raguwa yake. Kuma duk bakwai ɗin suna cikin masu amsa "Eh" da ƙarfi. Ba na jin ƙarya suke miki. Ladabi ne, yaro ba zai ce wa malamarsa bai gane ba alhali na kusa da shi sun ce sun gane. Sai dai ki lura, 12 kawai na duba cikin 61, kuma na baya ne. Ban san abin da ke littattafan na gaba ba, kada a ɗauki wannan a yi wa aji duka kuɗin goro.

Akwai wani ɗan lokaci da har yanzu nake tunawa. Wajen minti na 20, yarinyar da ke zaune a tabarma kusa da taga ta biyu, wadda tun farko ba ta ɗaga hannu ba, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malama, in mu huɗu ne a kwano, ai ba ma ƙoshi kamar in mu uku ne." Kin ce "Madalla", kika juya ga allo. Wallahi darasin ke nan gaba ɗaya ta faɗa, da harshen da kowane yaro a ajin ya sani tun daga gida. Ina ganin da an tsaya an sa ta maimaita da ƙarfi, an tambayi na baya ko sun yarda da ita, da bakwai ɗin nan sun ragu. Na san ƙararrawa na binki a lokacin, shi ya sa na rubuta shi a matsayin dama da ta wuce, ban ɗauke shi laifi ba.

Batun jira kuwa, ba ke kaɗai ba ce. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun shekarun 1970, ta tarar malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A sau biyun da kika jira, hannuwa sun tashi har daga tsakiyar aji. A sauran, yara uku na gaba ne ke cafke tambayar tun ba ta sauka ba.

Shawarata biyu ce kawai, kada in cika miki kaya. Ta farko, a maimakon "Kun gane?", ki rubuta 1/3 a dama da 1/4 a hagun allo, ki ce kowa ya rufe ido ya ɗaga hannun ɓangaren da yake ganin ya fi girma. Cikin ƙiftawar ido za ki ga aji duka, ba wanda ya kwaikwayi wani. Ta biyu, ki ƙirga uku a zuci kafin ki kira suna, kuma kowace tambaya ta uku ki jefa ta bayan aji. In kara zai samu, kowane benci a ba su biyu, tunda yanzu ba tsada yake ba.

ABIN DA BAN SA A MA'AUNI BA

Minti 6 da aka rasa na asambule ne da ya ja. Layin tsakiya a cushe yake, tabarmar yara ta toshe hanya, ba yadda za a yi ki ratsa zuwa baya ba tare da kin tsallake yara ba, wannan kuma yana cikin dalilan da tambayoyi suka taru a gaba. Gefen hagu na allon ya koɗe, ga hazon hunturu ya rage haske. Sannan zamana a ajin ya canza wani abu: na ga yara biyu suna ta waiwayena, ke ma muryarki ba ta saki ba sai bayan minti biyar.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani. A takardata ta farko na rubuta "Malama ta fi kula da maza." Da na koma gida na dubi zanen zaman aji, sai na soke. Abin da na gani shi ne maza 11, mata 5, kuma yawancin na layukan gaba maza ne. Wataƙila wurin zama ne ya jawo, ba son kai ba, darasi ɗaya kuma bai isa a yanke wa mutum hukunci irin wannan ba. A shekarata ta farko a koyarwa wani mai dubawa ya taɓa rubuta mini kalma huɗu, "Bai iya aji ba", ya tafi bai nuna mini ko abu ɗaya da ya gani ba. Na yi makonni ina jin ciwon abin, ban kuma ƙaru da komai ba. Don haka duk inda kika ga na faɗi magana ba hujja a takardar nan, ki ja mata layi mu koma kanta.

BAYANIN MAI KOYARWA, BAYAN TATTAUNAWARMU TA LARABA

Malam, na gode, Allah ya saka da alheri. Na karɓi lamba 4, 5 da 7 yadda ka rubuta. Maganar yarinyar nan na ji ta, amma ban ankara da nauyinta ba sai da ka maimaita mini, gobe da ita zan buɗe darasi. A lamba 3 ina da ja: makon jiya kowane benci ya naɗe takarda ya raba, shi ya sa wannan karon na taƙaita. Ina so a rubuta haka.

An rubuta, Malama, kuma kina da gaskiya, ban tambaye ki abin da ya gabata ba kafin in shiga. Mun ƙara layi a saman ma'aunin: "Me aka yi a darasin baya?"

Mun tsayar cewa za a sauya wa yara wurin zama ranar Litinin, na baya su dawo gaba. Zan sake shigowa bayan mako biyu in duba lamba 4, 5 da 7 kaɗai. Kafin nan ke za ki zo aji 6A ranar Alhamis, darasi na biyu, da wannan ma'aunin. Ina so ki ƙirga mini minti nawa nake magana ni kaɗai kafin yaro ya buɗe baki.

Malamin aji 6A
Malamar aji 4B