Ƙwabrin Bala

Sun shiga minti na 70 a filin Sabon Gari, Bala ya juya da ƙwallo, ƙafarsa ta maƙale a ƙasa. Ya ji wani "ƙas" a gwiwa, sai ga shi kwance.

A asibitin ƙashi na Dala likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata, kuma ba ƙwallo sai bayan wata tara.

"Wata tara, likita? Ai an gama gasar!"

"Gasa tana dawowa duk shekara. Gwiwa guda biyu kawai Allah ya ba ka."

Makonnin farko da sanda yake dogarawa. Mai gashi kullum abu ɗaya: miƙe ƙafa, matse cinya, ƙirga goma, saki. Cinyar da a da take cika gajeren wando ta zama kamar ta yaro. Yara suna wasa a lungu, Inna ta kan rufe taga don kar ya ji.

A wata na biyar Koci ya zo dubiya, ya tarar da shi yana ɗaure takalmi.

"Ina zuwa?"

Bala ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya kwance ta.

"Tsakar gida zan zagaya, Koci. Sau ashirin aka ce."