Darasi: Giredin Aikatau a Labarin Buhun Albasa

Ɗalibata, na duba aikin da kika kawo. Kin haddace giredi bakwai ɗin nan, wato rukunonin sigar aikatau, tsaf, amma da na ba ki labari ki fitar da su, sai kika sa "ya cika buhu" da "gulbi ya cika" a gida ɗaya. Ba laifinki ba ne ke kaɗai, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka yau mu ajiye jadawali, mu kama labari. Ki karanta shi da murya, ba a zuci ba.

"Ranar kasuwa Baba ya tashi da asuba daga Aliero, ya cika buhu shida da albasa, ya ari amalanken maƙwabcinmu ya kai su tasha. A Jega ya sayar da biyar. Na shidan bai sayu ba, don albasar ta fara lalacewa, sai ya zubar da rabi. Ya sayi goro ya jefa a baki, sannan ya sayo mana shinkafa. Ya so ya haɗa da gishiri, ya tarar wani ɗan kasuwa ya saye na rumfar. Kafin ya komo gulbi ya cika, mota ba ta wuce ba sai bayan isha'i. Inna ta dafa shinkafar, ta dafu sosai, muka cinye."

Masanin harshen Hausa F. W. Parsons ne ya fito da tsarin giredi a 1960. Ya lura cewa saiwar aikatau ɗaya takan ɗauki wasalin ƙarshe da karin sauti daban-daban, kowane da ma'anar da yake jawowa. Ya kasa su bakwai: ukun farko su ne na asali, huɗun ƙarshe daga gare su ake samo su. Daga baya wani masanin, Paul Newman, ya ware irin su ci, sha, bi da yi, ya kira su giredi 0.

Ki nemo saiwar say- a labarin. Sau biyar ta fito, kuma ba inda ta maimaita ma'ana.

"Ya sayi goro" shi ne tushe, giredi na 2. Ciniki kawai aka yi, ba a gaya mana komai bayan haka ba. Alamarsa ita ce sauya riga gwargwadon abin da ya biyo: ya sayi goro, ya saye shi, abin da ya saya. Wasalin i kafin suna, e kafin wakilin suna, a idan babu karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, a gaba.

"Ya sayo mana shinkafa" giredi na 6 ne, mai ƙarewa da o, karin sautinsa duk sama. Aikin ya faru can, amfaninsa ya taho nan inda mai magana yake. Mai ba da labarin yana Aliero, shi ya sa bai ce "ya sayo goro" ba, goron a bakin Baba ya ƙare, bai iso gida ba. Da ɗan Jega ne ke ba da labarin, da ba zai ce Baba ya komo ba, cewa zai yi ya koma. Ke nan wannan o ɗin yana tona miki inda mai magana ya tsaya, ko da bai faɗa ba.

"Ya sayar da biyar" giredi na 5 ne, kishiyar na 6: abu ya bar hannun mai aiki ya yi waje. An daɗe ana koyar da cewa ma'anarsa sa wani ya yi abu ne, kamar ciyar da koyar. Hakan na faruwa, amma ki gwada shi da "ya zubar da rabi". Wa aka sa ya yi wani abu? Ba kowa. Albasa ce aka rabu da ita. Ni na fi gamsuwa da bayanin rabuwar, don shi ne ya haɗa sayar, zubar, fitar da aurar. A nan Kebbi kunnenki ya fi sabawa da "ya saida", "ya zubda", "ya fidda", wani lokaci ma "ya sayas". Duk giredin ɗaya ne, kada ki buɗe musu sabon gida.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. "Ya saye na rumfar" giredi na 4 ne, ma'anarsa aiki ya game duka, ba a bar ko mudu ɗaya ba. To, ki dubi "ya saye shi" da na rubuta a sama a matsayin giredi na 2. Rubutu ɗaya ne! Idan muryarki ta fara ƙasa a kan sa ta hau a kan ye, na 2 ne, ya saya kawai. Idan ta fara sama ta sauko, na 4 ne, ya kwashe duka. A labarinmu akwai wata shaidar ma: abin da ya biyo ba wakilin suna ba ne, da na 2 ne da an ce "ya sayi na rumfar". Haka "muka cinye" yake, sai dai ci da sha sukan ɗauki nye. Ki kula kuma e yakan taɓa baƙin da ke gabansa: lalata ta koma lalace, fita ta koma fice.

"Bai sayu ba" da "ta dafu" giredi na 7 ne, ƙasa sannan sama, da gajeren u. Mai aiki ya ɓace, abin da aka yi wa aikin ya dawo gaba. Amma ba "an dafa ta" kurum ake nufi ba. Ana iya dafa shinkafa ba ta dafu ba, kowace mai girki ta san wannan. Idan kuma kika ce "albasar nan ba ta sayuwa", kin shiga zancen yiwuwa.

Sai kuskurenki. A "ya cika buhu" murya tana sama a kan ci, ta sauka a kan ka, kuma akwai karɓau: giredi na 1. A "gulbi ya cika" ƙasa aka fara aka hau, kuma ƙi-karɓau ne: giredi na 3, dangin fita da shiga. Tsakanin na 1 da na 2 ma akan sami irin wannan juyi. Baba ya ari amalanke, na 2 ke nan, ya karɓa. Maƙwabci ya ara masa, na 1 ke nan, ya bayar.

Kada ki tilasta wa kowane aikatau ma'anar giredinsa. "Ya tarar" yana da sigar na 5, amma ba abin da Baba ya rabu da shi, iske mutum ya yi. Ba kuma kowace saiwa ke zaga gidaje bakwai ba. A irin wannan, ki rubuta giredin bisa siga, ki ƙara da cewa ma'anar ta kauce.

Aikin gida: ki sake rubuta labarin da bakin ɗan kasuwar nan na Jega da ya saye gishirin, a ce shi ne ya sayi buhu biyar ɗin. Ki ja layi a ƙarƙashin duk aikatau da giredinsa ya sauya, ki faɗi dalili. Ki kawo ranar Laraba, kuma ki zo da shirin karantawa da ƙarfi a gaban aji.