Wasiƙa Kan Sauya Launin Shafin Shago

Kantin Kwari, Kano
14 ga Janairu, 2025

Malam Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali?

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce aka kafa mana sabon allo a ƙofar shago, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 3. Mun bar ja da rawaya. Yanzu jikin allon kore ne mai duhu, sunan shago da ruwan gwal, ƙananan rubutun kuma da fari. Shafinmu na intanet kuwa yana nan da tsohon launi, don haka wanda ya ga atamfa a waya ya biyo layi yana neman jan allo sai ya wuce mu. Ina so ka mayar da shafin ya dace da allon.

Ga lambobin launin da mai zanen ya ba ni, tare da fayil ɗin tambari na PDF da na tura maka ta imel:

Kore: #0B5D3B
Ruwan gwal: #C9A227
Ruwan madara: #FFF8E7
Baƙin rubutu: #1F1F1F

Don Allah da waɗannan lambobin za ka yi aiki, kada ka tsinci launi daga hoton allon. Hoton da rana tsaka aka ɗauke shi, ga hazon hunturu, koren ya fito a koɗe. Na kuma san injin buga allo da CMYK yake aiki, fuskar waya kuma da RGB, ba za su taɓa zama sak ba. In sun yi kusa yadda mutum zai gane gida ɗaya ne, ya wadatar.

Saman shafi da ƙasansa su zama kore, haka ma maɓallin "Saka a kwando" da na "Biya", rubutunsu da fari. Bayan shafin ya zama ruwan madara, amma ban da bayan hotunan kaya. Nan ka bar shi fari fat. Farar shadda in ta hau kan ruwan madara ido ba ya tantance ainihin farinta, kuma da ma rigimarmu da masu saye ta waya ba ta wuce "ba wannan kalar na gani ba".

Ruwan gwal ɗin nan shi ne inda nake so ka fi lura. A kan allo yana da kyau saboda haruffan manya ne, kowane ya kusa kamu guda. A waya ba haka ba ne. Kai ka taɓa gaya mini ƙaramin rubutu yana buƙatar bambancin haske na 4.5:1 tsakaninsa da abin da ke bayansa. Mai zanen ya auna, ya ce gwal a kan fari bai kai 2.5:1 ba, a kan koren kuma ya ɗan haura 3:1 kaɗan. Ke nan kada a rubuta farashi, yawan yadi ko bayanin kaya da shi. Dattijo ba zai iya karantawa a cikin rana ba. A tsaya da shi a sunan shago da ke sama, da siririn layin ado. Farashi ya zama baƙi mai kauri.

Abu biyu kada ka taɓa. Maɓallin WhatsApp ya zauna da korensa da kowa ya sani, sai dai ka ɗan nisanta shi da namu maɓallan don kada a riƙa danna wani a maimakon wani. Alamar "Ya ƙare" da saƙon da ke fitowa in biyan kuɗi bai shiga ba su ci gaba da zama ja, domin in suka koma kore mutum zai ɗauka komai ya tafi daidai.

Akwai wuraren da ake yawan mantawa da su: ɗan tambarin da ke kan shafin burauza, rasit ɗin da ke zuwa wa mai saye ta imel, da hoton da ke bayyana in an tura adireshin shafin a WhatsApp. Duka a sauya su. Tsarin shafin da hotuna da farashi kuwa su tsaya yadda suke, launi kawai nake nufi.

Kafin ka fara ka ajiye kwafin tsohon shafin. Ka yi gyaran a kwafin gwaji, ka turo mini in duba a wayata da ta yaran shago, har da ƙaramar Android mai arha, tunda irinta akasarin masu sayenmu ke riƙewa. In na amince sai ka ɗora shi da daddare bayan an tashi kasuwa, ka kuma share cache don kada wasu su ga rabi ja rabi kore.

Ina so a gama zuwa Alhamis, 23 ga wata, saboda ina shirin buga sababbin ledoji da katin shago kafin kasuwar azumi ta kankama. Ka sanar da ni kuɗin aikin da kwanakin da zai ci. Zan tura rabi ka fara, sauran in an ɗora.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Naka,
Alhaji Sabo