Wanke Hannu da Sabulu: Rubutun Gajeren Bidiyo don Iyalan Karkara

Tsawon bidiyo: kimanin minti 8.

Masu fitowa: Malama Hauwa, ma'aikaciyar jinya, Baba Iro, dattijo mai gida, Inna Talatu, matarsa, Rabi, surukarsu mai goyo, Sani, jikansu ɗan shekara 9, da wasu maƙwabta maza da mata.

Kayan aiki: buta biyu cike da ruwa mai tsabta, sabulu, ƙaramar roba, man shafawa, garin gawayi, toka mai tsabta, jarka mai cin lita 5, igiya, ƙusa da sanduna huɗu.

FITOWA TA ƊAYA

(Tsakar gida da hantsi. Mutane suna zaune a inuwa. Malama Hauwa tana tsaye sanye da kayan aikinta, kayan gwaji suna ajiye a kan benci kusa da ita. Bayan gaisuwa sai ta fuskanci kyamara.)

MALAMA HAUWA: Sunana Hauwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin ƙananan yaran da ake kawo mana asibiti a galabaice gudawa ce take kawo su. Gudawa tana cikin cututtukan da suka fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, alhali hanyar da take bi ta shiga jiki sananniya ce: ƙwayar cuta tana fita a cikin bayan gida, ta manne a hannu, hannu ya kai ta baki. Ta wannan hanya kwalara da zazzaɓin taifot da tsutsar ciki suke yaɗuwa su ma. Bincike ya nuna cewa wanke hannu da sabulu yana rage kamuwa da gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa na zo mu yi shi tare yau.

BABA IRO: Malama, ai mu a gidan nan ba wanda yake cin abinci bai wanke hannu ba. Tun muna yara haka aka koya mana.

MALAMA HAUWA: Gaskiyarku, Baba, kuma ban yi musu ba. Sai dai ina roƙon ku nuna mini yadda ake wankewar, don mu gani ko akwai abin da za a gyara.

FITOWA TA BIYU

(Malama Hauwa ta kira Sani, ta shafa masa ɗan mai a tafin hannu da bayansa, sannan ta barbaɗa garin gawayi. Kyamara ta matso kusa, ana ganin baƙin ya shiga tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.)

MALAMA HAUWA: Ƙwayoyin cuta ba sa ganuwa da ido, saboda haka mu ɗauka wannan gawayin su ne. Man kuwa a madadin maiƙon da fatar kowane mutum take fitarwa yake, wanda datti yake liƙewa a jikinsa. Sani, wanke hannunka yadda ka saba.

(Sani ya tsoma hannu a robar ruwa, ya kaɗa sau biyu, ya fitar. Hannun yana nan da baƙinsa, ruwan kuma ya yi duhu. Inna Talatu ta miƙo hannu za ta tsoma a robar.)

MALAMA HAUWA: Inna, ku dakata, ku dubi ruwan nan tukuna. Abin da ya fita daga hannun Sani yanzu yana cikin robar, kuma duk wanda ya tsoma hannu bayansa zai kwashi rabonsa, ta yadda na ƙarshe zai iya fitowa da dattin da ya fi wanda ya shiga da shi. Wannan ne gyara na farko: kada mutane su yi tarayya a ruwa ɗaya da aka tara a mazubi. A riƙa zubo ruwan daga sama yana gangarewa ƙasa, ko da buta, ko da kofi, ko a famfo. Gyara na biyu kuwa kuna ganinsa a hannun yaron nan. Ruwa shi kaɗai ba ya narkar da maiƙo, sabulu ne yake kwance shi daga fata, sannan ruwa ya tafi da shi har da ƙwayoyin cutar da suka liƙe a ciki.

FITOWA TA UKU

(Kyamara a kan hannuwan Sani kawai. Rabi tana riƙe da buta. Malama Hauwa tana magana a hankali, tana jiran yaron ya gama kowane mataki kafin ta wuce gaba.)

MALAMA HAUWA: Da farko a jiƙa hannu biyu da ruwa mai tsabta. Ba dole ne ruwan ya zama mai ɗumi ba, na sanyi ma yana yin aikin. Sai a goga sabulu har kumfa ya rufe hannun gaba ɗaya, a ajiye butar don kada a yi asarar ruwa.

Yanzu a murza tafi da tafi. Daga nan a ɗora tafin dama a kan bayan hannun hagu, a zura yatsu a tsakanin 'yan uwansu a cuɗa, sannan a juya a yi wa ɗaya hannun haka. A haɗa tafukan kuma a sarƙe yatsu, a goge lungunan da ke tsakaninsu.

Ga inda kusan kowa yake mantawa, har da mu ma'aikatan asibiti idan muna sauri: babban yatsa. Shi ne yake taɓa duk abin da mutum ya ɗauka, amma saboda yana gefe sai wanki ya wuce shi. A kama shi da ɗaya hannun a murza shi kewaye, na dama da na hagu. Bayan haka a tattara kawunan yatsu a goga su a tsakiyar tafi, domin kumfa ya shiga ƙarƙashin farce.

(Kyamara ta ƙara matsowa. Baƙin kumfa yana fitowa daga ƙarƙashin farcen Sani.)

MALAMA HAUWA: Kun ga abin da yake fitowa? Wannan wurin ya fi ko'ina ɓoye datti, kuma shi ya sa muke son a riƙa yanke wa yara farce a kai a kai. A ƙarasa da wuyan hannu. Cuɗawar nan kada ta gaza daƙiƙa 20, wato a ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin ba tare da gaggawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin gaba ɗayansa, daga jiƙawa zuwa bushewa, yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60.

(Yaran da ke wurin suna ƙirgawa da ƙarfi tare da Sani. Rabi ta zuba masa ruwa, ya ɗauraye. Ya kai hannu zai goge a rigarsa, Malama Hauwa ta riƙe shi tana murmushi.)

MALAMA HAUWA: A'a, Sani, rigar da ka wuni kana wasa da ita za ta mayar maka da abin da ka wanke. Idan babu tsumma mai tsabta wanda ya bushe, ka yarfe hannun ka bar iska ta busar da shi.

FITOWA TA HUƊU

(Rabi ta zauna da jaririnta a cinya. Malama Hauwa ta durƙusa kusa da ita.)

RABI: Malama, in dai kowane motsi sai an yi wannan dogon wanki, ai aikin gida ba zai ƙare ba.

MALAMA HAUWA: Ba kowane motsi ba, Rabi. Akwai lokuta biyar da ba a yin sakaci da su: bayan fitowa daga ban-ɗaki, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a fara girki, kafin cin abinci, da kafin a shayar da jariri ko a ba yaro abinci a baki. Wanda ya taɓa dabbobi ko kashinsu, ko ya yi jinyar marar lafiya, ko ya fyace majina, shi ma ya wanke.

INNA TALATU: To shi kashin jariri fa, wanda nono kawai yake sha? Mu dai mun taso muna jin cewa ba shi da illa.

MALAMA HAUWA: Inna, wannan maganar ta jawo wa gidaje da yawa ciwo. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, kuma ya fi saurin yaɗuwa a gida domin ba a ƙyamarsa: uwa ta share shi, ta ɗauraye hannu da ruwa kawai, ta koma kan girki. A zubar da shi a masai, kada a watsa shi a bayan ɗaki inda ƙuda da kaji za su bi ta kai, sannan uwa ta wanke hannunta da sabulu. Ta wanke na yaron ma, musamman mai rarrafe, tunda hannunsa ba ya rabuwa da ƙasa da baki.

FITOWA TA BIYAR

(Kusa da ban-ɗaki. An kafa sanduna biyu masu baki biyu, an gicciya ta uku a kansu. Baba Iro yana riƙe da jarka da ƙusa.)

BABA IRO: Malama, wani lokaci sabulu yakan ƙare, ruwan ma sai an yi tafiya kafin a samo shi. Yaya za mu yi?

MALAMA HAUWA: Game da sabulu, Baba, kowane iri ne ya wadatar, ko na wanka ko na wanki, ko guntun da ya rage. Idan babu shi sam, a yi amfani da toka mai tsabta wadda ta huce, a cuɗa kamar yadda muka yi, a ɗauraye sosai. Toka ba ta kai sabulu ba, amma ta fi ruwa zalla, kuma da zarar an sami sabulu sai a koma gare shi. Maganar ruwa kuwa, wannan jarkar ce za ta taimaka.

(Baba Iro ya zafafa ƙusa ya huda jarkar ta sama, ɗan ƙasa da murfi. An rataye ta ta mariƙinta a sandar da ke gicciye, an ɗaura igiya daga wuyanta zuwa sanda ta huɗu da ke kwance a ƙasa. An huda sabulu an rataye shi da igiya a gefe. Sani ya taka sandar, jarkar ta karkata, siririn ruwa ya zubo.)

MALAMA HAUWA: Da ƙafa ake buɗe ta, saboda haka hannu mai datti ba ya taɓa komai sai sabulu, kuma ruwan da take saki kaɗan ne, cikin jarka ɗaya zai ishi mutane da yawa. A zuba tsakuwa a ƙarƙashinta don kada wurin ya yi taɓo. A kafa ɗaya a ƙofar ban-ɗaki, wata kusa da wurin girki, domin idan ruwa da sabulu suna nesa mutum yakan ce sai an jima, ya manta. A kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin cika ta kowace safiya.

SANI: Ni zan riƙa cikawa, Kaka.

BABA IRO: Mun ji, kuma ni zan riƙa dubawa.

FITOWA TA SHIDA

(Malama Hauwa ta fuskanci kyamara. A bayanta yara sun yi layi a gaban jarkar.)

MALAMA HAUWA: Idan duk da haka yaro ya kamu da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti nan take, a ci gaba da shayar da shi nono, kuma a nemi ƙwayar zinki a asibiti. Idan kuka ga jini a cikin kashinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko jikinsa ya saki, kada ku jira gari ya waye, ku kai shi asibiti mafi kusa.

(Rubutu a kan allo: "Jini a kashi, faɗawar ido, kasa sha, yawan amai, sakin jiki: a garzaya asibiti." Rubutun ya tsaya daƙiƙa 8, sannan hoto ya ɗauke.)