Jawabi Kan Amai da Gudawa a Taron Unguwa, Agege

Assalamu alaikum. Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu mata, 'yan ga-ruwa da masu abinci, barkanmu da yamma.

Damina ta sauka, kwatoci sun cika, kuma ba mu manta da yadda kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Ƙwayar cutar tana cikin bayan gida ne, ta ruwa ko abinci ko hannu take isa baki. Idan ambaliya ta kwaso ƙazantar masai ta zuba a rijiya, ruwan zai iya fitowa garau alhali cutar na ciki. Shi ya sa ake son tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da gidajen haya na nan ba su cika samu ba. To, sai mu gyara ruwan da kanmu.

A tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti 1. Ɗumi kawai ba ya kashe komai. Mai amfani da maganin kulorin ya bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ya jijjiga jarkar, ya jira minti 30. In ruwan ya yi duhu, a bari ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, don laka tana cinye ƙarfin maganin.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne randa. An tafasa ruwa, sannan yaro ya ɗauko moɗa daga ƙasa ya tsoma har da yatsunsa, wahala ta tashi a banza. A zuba a jarka mai murfi, a riƙa tsiyayawa. 'Yan ga-ruwa, ku wanke cikin jarkokinku da sabulu, ku daina toshe bakinsu da tsohuwar leda.

Wanke hannu kuwa, da sabulu ake yi, daƙiƙa 20: tafi, baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Bayan fitowa daga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin cin abinci. A zuba da buta ruwan ya tafi. Kwano ɗaya da mutum goma ke tsoma hannu kafin tuwo, a daina shi. Malamai za su yarda da ni, tsarki da ruwa ya wadatar ga salla, amma ƙwayar cuta sai da sabulu.

Idan gudawa ta zo kamar ruwan wankin shinkafa, kada a tsaya neman ƙwaya a kemis. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, cikin awoyi kaɗan. A haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa, wato fiya wata biyu, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri, yawansa na cutar da yaro. A ba shi kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Mai shayarwa kada ta janye nono. Kiran lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kyauta ne, 6232.

Allah Ya kare mu. Mai tambaya ya ɗaga hannu.